Jadawalin Abinci na Mako-Mako: Tsari Ɗaya da Ake Cikewa Kowace Lahadi

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar gidan abinci daga ƙarfe goma sha ɗaya na safe zuwa azahar ya san tambayoyin da ke shigowa ba su wuce huɗu ba: me aka dafa yau, nawa ne, kuna kaiwa unguwarmu, sannan har yanzu akwai? Mutum talatin za su yi su ɗaya bayan ɗaya, alhali mai amsawar ita ce kuma ke zuba miya, ita ke duba ko kuɗin da aka turo sun shigo. Wannan wahala ce ta sa gidajen abinci da yawa, da matan da ke girki a gida suna sayarwa, suka koma fitar da jadawalin mako guda a WhatsApp da Facebook da Instagram. Sai dai da yawansu kowane mako sabon zane suke yi: wannan makon ja ne da hoton kaza, na gaba kore ne an mayar da lambar waya sama, na bayansa kuma an manta da farashi gaba ɗaya. Tambayoyin nan huɗu sai su ci gaba da shigowa kamar ba a fitar da komai ba.

Abin da ke sa jadawali ya yi aiki shi ne a raba shi gida biyu tun ranar farko: abin da ba ya canjawa, da abin da ake cikewa kowane mako. Sunan gida, launi, salon rubutu, jerin ranaku, wurin da farashi yake zama, lokacin rufe oda da lambar waya, duk waɗannan ana yanke shawara a kansu sau ɗaya ne, a bar su. Abin da ake taɓawa kowane mako uku ne kacal: kwanan wata, sunayen abinci, da farashi. Kamar allon jadawalin lokutan salla ne a masallaci: wurin Asuba da wurin Isha'i ba sa motsi, lambobin ne ake gogewa a sake rubutawa, shi ya sa mai wucewa da kallo ɗaya yake gane abin da yake nema.

Mu ɗauki misalin ƙaramin gidan abinci a Kano, a ce a Tarauni, mai buɗewa daga Litinin zuwa Asabar, masu sayensa ma'aikatan ofis ne da 'yan kasuwa da ke son abincin rana. Farashin da zan sa na misali ne kawai, domin kowa ya san yadda kasuwa take. Ga uwar jadawalin, wato kwafin da ba a taɓa cike shi ba, a rubuce kamar yadda za a tura shi a saƙon WhatsApp:

```
*GIDAN ABINCIN [SUNA]*
Litinin [rana, wata] zuwa Asabar [rana, wata]

*Kullum akwai:* [abinci, farashi]
*Litinin:* [abinci, farashi]
*Talata:* [abinci, farashi]
*Laraba:* [abinci, farashi]
*Alhamis:* [abinci, farashi]
*Juma'a:* [abinci, farashi]
*Asabar:* [abinci, farashi]
*Abin sha:* [suna, farashi]

Rufe oda: [lokaci]
Kai wa gida: [unguwanni, kuɗi]
Waya: [lamba]
```

Taurarin da ke gefen kalma su ne ke sa WhatsApp ya yi mata kauri idan an tura. Ga shi kuma bayan an cike shi ranar Lahadi da daddare:

```
Litinin 6 ga Janairu zuwa Asabar 11 ga Janairu

*Kullum akwai:* shinkafa da miya N2,000, garau-garau N1,200
*Litinin:* dafa-duka da kaza N3,000
*Talata:* tuwon shinkafa, miyar kuka N1,800
*Laraba:* dambun shinkafa N2,000
*Alhamis:* ɗanwake da ƙwai N1,500
*Juma'a:* waina, miyar taushe N2,200
*Asabar:* gurasa, farfesun kayan ciki N2,500
*Abin sha:* zoɓo N400, kunun aya N500
```

Kowane layi a nan yana da dalilin zamansa, kuma layi na biyu, na kwanan wata, shi ne wanda aka fi rainawa alhali shi ya fi hana rigima. Jadawali ba ya mutuwa a wayar mutane. Wani zai ɗauki hotonsa ya ajiye, wata za ta tura shi zauren 'yan ofis ɗinsu, bayan wata biyu wani ya zaƙulo shi ya kira yana cewa, "Hajiya, ai dubu biyu na gani a rubuce." Idan abin da aka rubuta a sama shi ne "jadawalin wannan mako", ba ta da abin da za ta ce masa, domin kowane mako wannan mako ne. Idan kuwa an sa 6 zuwa 11 ga Janairu, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, duba kwanan watan da ke sama," magana ta ƙare ba tare da kowa ya ji an yi masa wayo ba. Saboda haka a rubuta ranar da sunan watan da haruffa, kada a sa 6/1 kawai, tunda akwai masu karanta shi a matsayin 1 ga Yuni. Kuma a sa shi a jikin hoton, ba a rubutun da ke ƙasansa ba, domin idan aka tura hoto gaba rubutun rakiyar yana iya rabuwa da shi.

Layin "kullum akwai" ya zo kafin ranaku ne da gangan. Wanda ya buɗe jadawali ranar Talata ya ga tuwo, kuma ba ya son tuwo da rana, zai rufe ya nemi wani gidan muddin bai ga cewa akwai shinkafa ba. Kada kuma wannan layi ya wuce abu biyu ko uku, kuma su zama waɗanda ba a taɓa rasa su. Duk abin da aka sa a ƙarƙashin "kullum" alkawari ne. Gara a sa biyu a cika da a sa shida a riƙa cewa "yau ba mu yi ba".

Batun farashi kuwa, ra'ayina shi ne a rubuta shi a fili. Akwai masu sayarwa da ke ɓoye shi su ce a yi musu magana ta akwatin saƙo, wai don kada abokan hamayya su gani. Abokin hamayya zai iya aiko yaro ya saya ya ji farashin cikin minti goma. Wanda aka wahalar shi ne mai saye, da kuma mai riƙe da wayar. Abin da ya dace a daidaita shi ne yadda ake rubuta shi: idan N2,000 ne a layi ɗaya, kada ya zama 2k a na biyu, dubu biyu a na uku. Kuma a bayyana abin da kuɗin ya ƙunsa. "Shinkafa da miya" da nama ne ko babu? Yanka nawa? Kuɗin robar zubawa yana ciki? Wainar nan guda nawa ce a faranti? Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke jawo musu a bakin ƙofa tsakanin mai saye da yaron da ya kai saƙo, wanda shi bai san komai a kai ba. Jimla ɗaya da aka ajiye dindindin a ƙasan jadawalin, kamar "kowane faranti da nama yanka biyu, roba tana cikin kuɗin", ta wadatar har tsawon shekara.

Na ƙasan su ne dokokin gida, kuma ba a cika canja su ba. "Rufe oda ƙarfe 11 na safe" yana ba mai girki damar sanin yawan abin da za ta ɗora. Kuɗin kaiwa a kasa shi gida biyu ko uku bisa nisa, misali Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da Hotoro kuɗi ɗaya, Kabuga da Rijiyar Zaki wani kuɗin, maimakon a riƙa ciniki da kowa. Lambar waya kuma, a rubutaccen saƙo ana iya mayar da ita mahaɗin da ake latsawa ya buɗe hira kai tsaye, ta hanyar rubuta `https://wa.me/234` a bi shi da lambar ba tare da sifirin farko ba, babu alamar tarawa, babu tazara. A Nijar 227 ake sawa a madadin 234. Amma a tuna cewa mahaɗin da ke jikin hoto ba ya latsuwa, haka ma wanda aka sa a rubutun ƙasan hoto a Instagram, don haka a hoto lambar kanta za a rubuta da manyan lambobi.

Wannan ya kawo mu ga hoton. Mutane da yawa sun fi son jadawali mai launi, kuma manhajoji irin su Canva sun sauƙaƙa yin sa a waya. Girman da ya dace da Status na WhatsApp da Story na Instagram shi ne faɗi 1080 da tsawo 1920, wato mai cika fuskar waya a tsaye. A bar kamar 250 a sama da ƙasa ba rubutu, domin nan ne manhajar ke ɗora sunan mai shafi da wurin ba da amsa, kuma nan ne masu zane suka fi son sa lambar waya, sai ta ɓuya. Idan a shafin Instagram ko Facebook za a ɗora, 1080 da 1350 ya fi zama daidai. Don haka uwa biyu ake yi tun farko, kowace da girmanta, ba a miƙe ɗaya da ƙarfi ta shiga wurin ɗaya ba.

Akwai wata matsala da ta shafi masu rubutu da Hausa musamman. Ba kowane salon rubutu ne yake da ƙ da ɗ da ɓ ba. A zaɓi wani salo mai ƙawa, a rubuta ɗanwake ko kuɓewa ko ƙosai, sai harafin mai lanƙwasa ya fito da wata siffa daban da 'yan uwansa, ko ya zama ɗan akwati, ko ya ɓace. Alamar naira ma haka take yi a wasu salon. Gwajin mai sauƙi ne: kafin a amince da salo, a rubuta "ƙwai, ɗanwake, zoɓo, ₦2,500" a duba da kyau. Wanda ya ci wannan jarrabawa shi za a riƙe, ba a sake nema. Salo biyu sun isa, ɗaya na kanu ɗaya na sauran rubutu. Sannan a tura hoton zuwa wayar wani, zai fi kyau ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi irin ta yawancin mutane, a fita da ita rana a karanta. WhatsApp yana matse hoto don rage nauyinsa, kuma siririn rubutu fari a kan hoton jar miya shi ne farkon abin da ke dusashewa. Idan sai an buɗa hoton da yatsu biyu kafin a ga farashi, rubutun ya yi ƙanƙanta ko layukan sun yi yawa. Hoton abinci guda ɗaya ya isa, a wuri ɗaya kowane mako, kuma ya zama na tukunyar gidan. Wanda ya ga kazar da aka ɗauko daga intanet sannan aka kawo masa tasa, zai kwatanta.

Kuskuren da ya fi yawa bayan an yi tsari mai kyau shi ne gina jadawalin wannan mako a kan na makon jiya. Dalilin a fili yake: ya fi sauri. Amma ta nan ne tsohon kwanan wata ke tsallakowa, ko a canja abincin Laraba a bar farashin abincin da aka cire. Idon wanda ya saba da abu ba ya ganin kuskuren da ke cikinsa, musamman da daddare bayan an wuni a tsaye. Idan daga uwa aka kwafa, gurbin da aka manta zai fito fili da baka biyunsa, [farashi], ba yadda za a yi a tura shi ba a lura ba. Don haka a ajiye uwar a inda ba za a taɓa ta ba: a Canva a yi kwafinta kafin a fara rubutu, rubutacciyar kuma a adana ta a manhajar ajiye rubutu ta waya, ko mutum ya tura wa kansa a WhatsApp ya sa mata tauraro. Kowane kwafi a sa masa suna da ranar Litinin ɗin makon. Bayan wata shida wannan tarin zai nuna yadda farashi ya riƙa hawa da abincin da aka fi maimaitawa, ba tare da an buɗe wani littafi ba.

Akwai kuma tsarin cikewar, wanda ya kamata ya bi kasuwa ba ya riga ta ba. A fara da cefane ko aƙalla jin farashi ranar Asabar ko safiyar Lahadi, kayan miya a 'Yankaba, hatsi a Dawanau ko wurin dillalin da aka saba da shi. Sannan mai girki ta faɗi abin da za ta iya yi, sannan a rubuta, sannan wani mutum na biyu ya karanta da ƙarfi layi-layi yana kwatantawa da kalanda. Gidan da ɗiyar mai gida ce ke zana jadawali a ɗaki ba tare da ta tambayi kicin ba, nan ne ake tallar sinasir ranar da ba a jiƙa shinkafa ba.

A ce an shiga farkon damina, tumatirin rani na Kura da Kadawa ya ƙare, kwando ya yi tsada kamar yadda yake yi kusan kowace shekara. Mai gidan abincin ta lissafa ta ga tukunyar miyar da ke isar faranti 60 ta ƙara cin naira 12,000. Idan aka raba, kowane faranti ya hau da naira 200. Tsarin jadawalin ya nuna mata inda za ta taɓa: layin "kullum", inda shinkafa da miya za ta tashi daga N2,000 zuwa N2,200, da layin Litinin mai dafa-duka. Garau-garau da ɗanwake mai da yaji suke so, ba ruwansu da tumatir, don haka suna nan yadda suke. Tana iya kuma mayar da dafa-dukar ta ba tuwo da busasshiyar kuɓewa wuri har kasuwa ta sauko. Abin da bai kamata ta yi ba shi ne ƙara kuɗin ranar Laraba alhali jadawalin ya ce farashin na nan har Asabar. Asarar naira 200 a faranti na kwana uku ta fi sauƙi a kan mutum ya turo kuɗi bisa abin da ya gani a ce masa ya ciko. Wannan ne ma dalilin da ya sa mako guda ya fi wata guda dacewa: alkawarin kwana shida abu ne da ake iya riƙewa ko kasuwa tana rawa.

Saura inda za a ajiye shi, kuma a nan akwai cikas na gaske. Jadawalin na mako ne, amma Status da Story awa 24 suke yi su ɓace. Wanda ya ɗora ranar Lahadi da daddare ya tafi, zuwa safiyar Talata ba abin da ya rage. Maganin shi ne a ƙara wa uwar alama ɗaya mai motsi, kamar zirin launi a bayan layi, a fitar da hotuna shida a zama ɗaya, kowanne da alamar a kan ranarsa, a riƙa ɗora na ranar kowace safiya a lokaci guda, a ce ƙarfe takwas, kafin mutane su yanke shawarar abincin rana. Cikakken jadawalin kuma a maƙale shi a saman shafin Facebook ko Instagram, inda zai zauna har a sauke shi. A sani kuma cewa Status ba ya isa ga kowa: sai wanda ya ajiye lambarki ke ma kika ajiye tasa. Jerin aikawa na Broadcast ma mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambar gidan ba saƙon ba zai same shi ba. Shi ya sa ya dace a buga "ajiye lambarmu don ganin jadawali" a takardar da ake liƙawa a murfin roba.

Masu amfani da WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 don ƙananan 'yan kasuwa, suna da wata dabara da ake kira Quick replies: a adana rubutaccen jadawalin a ba shi gajeren suna, duk wanda ya tambayi abin da aka dafa sai a rubuta `/jadawali` a zaɓa ya tafi. Yana da amfani ƙwarai ga masu ƙarancin data waɗanda hoto ba ya buɗe musu da wuri. Haɗarinsa shi ne nan ne tsohon farashi ya fi daɗewa a ɓoye, domin an sabunta hoto an manta da shi. Duk wuraren da jadawali yake zaune a rubuta su a takarda a liƙa a bango, a bi su ɗaya bayan ɗaya kowace Lahadi, a kuma sauke na makon jiya daga saman shafi.

Ta yaya za a gane tsarin yana aiki? Ba daga yawan masu kallo ba, daga irin saƙon da ke shigowa. Idan saƙonni sun koma "Anti, waina biyu, Hotoro, na turo", an dace. Idan mutum biyar a mako suna tambayar abu ɗaya, misali ko ana buɗewa bayan sallar Juma'a, to uwar ce ke da giɓi, a ƙara mata layi sau ɗaya. Idan kuma tambayar "har yanzu akwai?" ce ta ƙi ƙarewa, jadawalin mako ba zai iya amsa ta ba, tunda bai san lokacin da tukunya za ta ƙare ba. Wannan sai ƙaramin hoto na daban mai launin gidan da ke cewa "wainar yau ta ƙare, akwai shinkafa da garau-garau", a ɗora shi da zarar an kwashe ta ƙarshe.

Lokacin azumi ne kaɗai tsarin kansa yake bukatar sauyi. Abincin rana ya tashi, oda ta koma ta buɗa-baki da sahur, kunun gyaɗa da kunun tsamiya da ƙosai sun hau layin "kullum", lokacin rufe oda ya koma wajen la'asar, mai kai saƙo kuma dole ya isa kafin magariba. A nan ba a yi wa uwar kwaskwarima, ana yin ta biyu ce ta watan Ramadan, da launi ɗaya da salon rubutu ɗaya da lambar waya a wurinta, a ajiye ta a fito da ita baɗi. Makon salla kuwa, idan za a rufe, a fitar da jadawalin duk da haka a ranar da aka saba, da kwanan watansa a sama, a rubuta "a rufe" a gaban ranakun hutu da kuma ranar da za a dawo.